Riga biyu, rubutu biyu: auduga zalla ko gaurayen auduga da foliyesta?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Riguna biyu masu dogon hannu nake dubawa, kusan kamarsu ɗaya. A ƙyallen da aka ɗinka cikin ɗaya an rubuta 100% cotton, ɗayar kuma 65% polyester 35% cotton. Ni mutum ne mai yawan zufa, kuma ban son rigar da za ta ɗage bayan wanki. Wacce zan ɗauka saboda zafi?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Idan zufa ce babbar damuwarka, ka ɗauki ta auduga zalla, amma ka ɗauke ta da ɗan yalwa, kuma sai ka tabbatar saƙarta ba mai kauri ba ce. Bari in ajiye maka su gefe da gefe ka ga dalili.

Waɗannan lambobi nauyi suke nunawa, kuma zaren da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Don haka rigarka ta biyu ba rigar auduga ba ce da aka ɗan surka. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta foliyesta ne, kuma halin foliyesta za ta nuna maka a jiki.

Zaren auduga yana shan ruwa har cikin cikinsa. Ko a busasshen yadi da ke rataye a ɗaki, auduga tana riƙe da danshi kimanin kashi 8 cikin ɗari na nauyinta. Foliyesta kuwa ɗan gidan roba ne, abin da yake riƙewa bai kai rabin kashi 1 ba. Ka ga ke nan da zarar gumi ya fara tsattsafowa, rigar auduga za ta tsotse shi ta raba shi da fatarka, ka ji sanyi-sanyi idan iska ta kaɗa. A rigar gaurayen, ɗan audugar da ke ciki zai sha iya ƙarfinsa, sauran gumin ya tsaya tsakanin yadi da fata. Shi ne wannan danƙon da mutum ke ji a gadon baya, rigar tana mannewa tana santsi.

Amma ba zan ɓoye maka aibin auduga ba. Abin da ta sha ba ta saurin sakinsa. Mai zufa sosai zai ga hammata da baya sun jiƙe sharkaf, shatar ta fito fili, rigar ta yi nauyi, kuma a wurin da iska ke da laima sai ta daɗe ba ta bushe ba. Gaurayen ya fi ta saurin bushewa nesa ba kusa ba. Sai dai inda ya ci nan, ya faɗi a wajen wari. Foliyesta ba ya son ruwa amma yana son maiƙo, don haka maiƙon jiki yana laƙe masa, wankin ruwan sanyi ba ya fitar da shi duka. Na sha ɗaukar irin wannan riga fes daga igiya, ba ta warin komai, amma ana ɗora mata dutsen guga sai tsamin gumi ya taso daga hammata. Auduga ba ta cika yin haka ba.

Yanzu maganar ɗagewa, wadda a nan ne gaurayen ya yi wa auduga fintinkau. Lokacin saƙa, a miƙe ake jan zare. Ranar da ruwa ya fara shigar auduga, zaren yana kumbura, ya saki wannan jan da aka yi masa, yadin ya koma ya tsuke. Yawanci a wankin farko zuwa na uku abin ke faruwa, kuma ya fi yawa ta tsawo. Rigar audugar da ba a riga an tsuke yadinta a masana'anta ba tana iya raguwa da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, har fiye idan ta sha ruwan zafi ko injin busar da kaya.

Mu lissafa a jikin rigarka. A ce hannunta santimita 64 ne, wuyanta 40. Idan ta ragu da kashi 4, hannu ya rasa santimita biyu da rabi, wato bakin hannun da ke sauka kan wuyan hannunka zai koma saman agogo. Wuya kuma ya rasa fiye da santimita ɗaya da rabi, kuma wannan ya isa ya hana maɓallin sama shiga. Ta gaurayen da ƙyar za ta ragu da kashi 1 ko 2, saboda foliyesta ba ya kumbura da ruwa, shi ke riƙe audugar a inda take. Don haka kafin ka saya, ka juya ƙyallen ka nemi kalmar pre-shrunk ko sanforized. Idan ka ga sanforized, an riga an tsuke yadin, abin da ya rage masa bai wuce kashi 1 ba, sai ka ɗauki daidai jikinka. In babu ko ɗaya, ka gwada ta: yatsu biyu su shiga tsakanin wuyan rigar da maƙogwaronka a sake, hannun kuma ya ɗan zarce inda kake so.

Wajen ƙarko da guga, gaurayen ba ya yamutsewa sosai, launinsa ba ya saurin koɗewa. Auduga kuwa kullum sai guga, kuma mai duhun launi tana koɗewa idan ana shanya ta a tsakar rana. Amma tsufansu ya bambanta. Auduga laushi take ƙarawa har ranar da wuya zai fara sulɓewa. Gaurayen kuma ƙananan ƙulle-ƙullen zare yake fitarwa a wuya da hammata da inda igiyar jaka ke gogawa, kuma ba sa kaɗewa, don zaren foliyesta mai ƙarfi ya riƙe su gam. Ka kuma kula da hoton dutsen guga a ƙyallen: ɗigo uku zafi ne mai ƙarfi, wajen digiri 200, na auduga, ɗigo biyu wajen 150. Ka ɗora zafin auduga a kan gaurayen, sai ya bar masa wani ƙyalli a kan ɗinki wanda ba ya fita har abada.

Akwai abin da ƙyallen ba zai faɗa maka ba, kuma wani lokaci shi ke rusa duk lissafin nan: kaurin yadi da yanayin saƙarsa. Auduga zalla mai kauri da matsattsiyar saƙa ta fi gauraye marar nauyi zafi. Ka ɗaga rigunan biyu wajen haske ka ga wadda haske ke ratsawa. Sannan ka kara bayan tafin hannunka a cikin yadin ka hura iska ta waje. Idan ba ka ji ta a fatarka ba, iskar gari ma ba za ta kai ga jikinka ba. Idan ta audugar ta faɗi wannan gwaji, ka ajiye ta, ka nemi wata audugar mai sakin saƙa. In kuma guga ce ke gundurarka, nemi gaurayen da aka juya lissafinsa, auduga ta zo farko da kashi 60 ko fiye.