Gwajin t, Welch ko Mann-Whitney: wanne ya dace da alƙalumanka?

Duk lokacin da ɗalibai suka shiga rubuta babi na huɗu a nan Jos, tambaya ɗaya ce take yawan zuwa mini. Makon jiya ma wata ƙanwata ta turo mini ita: "Yaya, Shapiro-Wilk ya ba ni ƙasa da 0.05, an ce in koma Mann-Whitney. In koma?" Wato gwajin da ke duba siffar lambobi ya ce nata ba su dace da gwajin t ba, shi ne take tambaya ko ta canja hanyar kwatanta rukunoninta biyu. Na ce mata ta dakata ta turo mini lambobin in gani tukuna. Wanda zai sayi dankali a Farin Gada ba ya biya sai an kwance masa bakin buhu, amma mu a nan sai mu ɗauki gwaji sukutum saboda lamba ɗaya da kwamfuta ta fitar, ba mu ma kalli abin da muka tara ba.

Bari mu yi aiki da misali. Lambobin ni na tsara su don bayani. A ce manoman dankalin turawa 16 ne a wajen Bokkos, filayensu girma ɗaya, 8 sun shuka sabon iri, 8 sun shuka tsoho. Buhunan da masu sabon iri suka samu: 14, 15, 17, 18, 19, 21, 22, 58. Na masu tsohon iri: 6, 8, 10, 11, 12, 13, 16, 20. Matsakaicin rukunin farko buhu 23 ne, na biyu 12. Ko yaro ya kalli jerin zai ce sabon iri ya fi, kuma zai nuna 58 ɗin nan ya ce wannan fa? Ku riƙe ta, domin ita ce za ta raba kan gwaje-gwajen.

Kafin a je ga zaɓi

Gwajin t da danginsa, waɗanda ake ce wa na farametirik, suna da sharuɗɗa uku. Ɗalibai sun fi damuwa da na ukun, alhali na farkon ne ya fi kayar da mutum. Na farko, kada wata lamba ta dogara da wata. Idan manoma 8 ne kawai, kowa ya raba gonarsa biyu ya shuka iri biyun, to ba rukuni biyu masu zaman kansu gare ka ba, ma'aurata ne, kuma gwajin t na ma'aurata za ka yi a kan bambancin kowane manomi. Babu gwajin da zai gano maka wannan a kwamfuta, sai ka san yadda aka tattaro bayanan. Komawa Mann-Whitney ma ba ya gyara shi, domin shi ma wannan sharaɗin yana kansa.

Na biyu, bazuwar rukunonin ta yi kusa da juna. Na uku, lambobin kowane rukuni su bi siffar ƙararrawa, wato yawanci su taru a tsakiya, kaɗan su watsu dama da hagu daidai wa daida. Ka lura, kowane rukuni daban ake dubawa. Idan ka haɗe su wuri ɗaya alhali matsakaicinsu ya bambanta, za ka iya ganin tozo biyu ka ɗauka akwai matsala, bayan babu.

Gwajin da Shapiro da Wilk suka fitar a 1965 shi ne aka fi amfani da shi wajen duba sharaɗi na uku. A SPSS yana ƙarƙashin `Analyze > Descriptive Statistics > Explore`, ka shiga `Plots` ka zaɓi `Normality plots with tests`. A R kuwa `shapiro.test` ne, yana karɓar lambobi daga 3 zuwa 5000. Gwaji ne mai kyau, amma yana da hali ɗaya da ya sa ba na miƙa masa alƙalanci. Idan lambobinka kaɗan ne, kamar 8 ko 10, sau da yawa ba shi da ƙarfin gano karkata sai ta yi muni, kuma a lokacin ne karkatar ta fi cutar da gwajin t. Idan kuwa lambobinka sun kai ɗaruruwa, zai yi ta kururuwa a kan ɗan lanƙwasar da ba ta da illa, domin a manyan samfura matsakaici da kansa yana komawa bin siffar ƙararrawa ko da ɗaiɗaikun lambobin ba su bi ba.

Shi ya sa nake fara da zanen Q-Q, wanda yake fitowa a wuri ɗaya da gwajin. Idan ɗigogin sun kwanta a kan layi, lafiya lau. Idan sun yi baka, bayanan sun karkata gefe ɗaya. Idan duk suna kan layi sai guda ɗaya ya yi tsalle can sama, kamar yadda 58 za ta yi a misalinmu, to matsalar mutum ɗaya ce, kuma abin yi na farko shi ne ka koma takardar da aka cika a gona. Wataƙila 18 ce aka rubuta da gaggawa. Idan kuskure ne ka gyara. Idan gaskiya ce ba ka da hurumin goge ta don kawai ta ɓata maka tebur. Mu ɗauka gaskiya ce.

```r
sabo  <- c(14,15,17,18,19,21,22,58)
tsoho <- c(6,8,10,11,12,13,16,20)
qqnorm(sabo); qqline(sabo)
t.test(sabo, tsoho)
wilcox.test(sabo, tsoho)
t.test(log(sabo), log(tsoho))
```

Abin da ke kan tebur

Tsohon gwajin t, wanda William Gosset ya wallafa a 1908 da sunan Student, yana ɗauka bazuwar rukunonin ɗaya ce. A nan ba haka ba ne: ma'aunin bazuwa na masu sabon iri 14.4 ne, na masu tsoho 4.4. Gyaran da Welch ya kawo a 1947 ya cire wannan sharaɗin, kuma idan bazuwar ta zo daidai ba ka rasa wani abin kirki don ka yi amfani da shi. Saboda haka ni tsakanin su biyun ba na ma tsayawa ciniki, Welch nake ɗauka tun farko, ba tare da jiran gwajin Levene, mai duba ko bazuwar rukunoni ɗaya ce, ya ba ni izini ba. Umarnin `t.test` na R shi yake yi idan ba ka ce masa komai ba. A SPSS kuma shi ne layi na biyu, `Equal variances not assumed`.

Welch a kan dankalinmu yana ba da t kusan 2.06, p kusan 0.07. Bai tsallake 0.05 ba. Abin mamaki, 58 ɗin da ta ɗaga matsakaicin sabon iri daga 18 zuwa 23 ita ce ta raunana gwajin, domin ta kumbura bazuwar fiye da yadda ta faɗaɗa tazarar. Welch yana maganin bambancin bazuwa, amma lamba ɗaya da ta yi nisa a ƙaramin samfur tana iya kayar da shi.

Mann-Whitney, wanda ya samo tushe daga aikin Wilcoxon na 1945 kuma Mann da Whitney suka faɗaɗa a 1947, ba ya kallon girman lamba, sahu yake kallo. A wurinsa 58 ita ce ta ɗaya, ko da 23 ce ko 500 matsayinta bai canja ba. Ana iya yin sa da hannu. Ka haɗa kowane mai sabon iri da kowane mai tsoho, karo 64 ke nan. Mai buhu 16 ya doke masu 14 da 15. Mai buhu 20 ya doke masu 14, 15, 17, 18 da 19. Tsohon iri ya ci sau 7, sabo ya ci sau 57, kuma 57 ɗin ce R zai nuna maka a matsayin `W`. Ƙimar p tana fitowa 0.007.

To, 0.07 a can, 0.007 a nan. A nan ne mutum yake jin kwaɗayin ɗaukar wadda ta yi masa daɗi, kuma gwada duka sannan a ba da rahoton mai ƙaramin p shi ne abin da bai halatta ba. Gaskiyar magana, tambayoyi biyu daban suka amsa. Mann-Whitney ya ce idan ka ɗauko manomi ɗaya daga kowane rukuni, kusan sau 89 cikin 100 mai sabon iri ne zai fi. Bai ce komai a kan yawan buhunan da aka ƙaru da su ba. Ana yawan rubuta cewa yana kwatanta lambar tsakiya ta rukunonin, a nan 18.5 da 11.5, amma wannan fassarar tana tsayawa ne kawai idan siffar rukunonin da bazuwarsu iri ɗaya ce, ɗaya ya ɗan gusa gaba. Idan malamin gona ne yake son sanin irin da zai ba manomi shawara a kai, tambayar Mann-Whitney ce tasa. Idan ƙungiyar manoma ce take lissafin buhuna nawa za su shiga sito da motoci nawa za a ɗauka, matsakaici take buƙata, kuma buhu 58 ɗin nan dole su hau mota.

Akwai zaɓi na huɗu da ake mantawa da shi, wato a ɗauki lagaritim na lambobin sannan a yi Welch. Ya dace da abubuwan da ba sa sauka ƙasa da sifiri amma suna da doguwar jela ta sama, irin kuɗin shiga, amfanin gona ko kwanakin jinya. A misalinmu t yana hawa kusan 2.9, p ta sauka kusan 0.01, kuma amsar tana zuwa da harshen ninki: sabon iri ya ba da kusan ninki 1.8 na tsoho. Ina son wannan domin manomi zai gane shi. Aibinsa, idan akwai wanda gonarsa ta lalace ya tashi da sifiri, lagaritim ba ya karɓar sifiri, kuma dabarar ƙara 1 a kan kowace lamba tana sa amsar ta dogara da abin da ka ga dama ka ƙara.

Nawa ne kuɗin komawa gwajin sahu?

Ba shi da tsada kamar yadda ake tsorata ɗalibai. Ko da bayanan sun bi siffar ƙararrawa sak, ingancin Mann-Whitney a manyan samfura kusan kashi 95.5 cikin 100 ne na gwajin t, kuma idan jelar bayanan tana da nauyi yakan fi shi. Inda yake gazawa shi ne samfur ɗan mitsitsi. Da mutum 3 a kowane rukuni, mafi ƙanƙantar p da zai iya bayarwa 0.1 ce, komai girman bambancin. Da ma'aurata 5, gwajin Wilcoxon na ma'aurata ba zai sauka ƙasa da 0.0625 ba. Saboda haka maganar nan ta "samfurina kaɗan ne, bari in koma gwajin sahu" tana da iyaka.

Ƙanwar tawa da lambobinta suka iso, ashe amsoshin tambaya ɗaya ce mai mataki biyar, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai", daga rukuni biyu na mata 'yan kasuwa. Irin wannan ba ya buƙatar Shapiro-Wilk ma, domin lambobi biyar kacal ba za su taɓa zama ƙararrawa ba, kuma babu mai tabbacin tazarar 1 zuwa 2 daidai take da ta 4 zuwa 5. Na ce mata ta yi Mann-Whitney, da rukunonin uku ne da Kruskal-Wallis za ta yi, amma ta rubuta a babi na uku cewa ta zaɓe shi ne saboda amsoshin na sahu ne, ta kuma sa teburin da ke nuna mutum nawa suka zaɓi kowane mataki a kowane rukuni.