Salon zane a hoto: hanyar Gatys ko ta Johnson?

Ana yawan tambayata wace hanya ta fi wajen mayar da hoton kasuwa gaba ɗaya kamar zanen fenti.

Hanyar da mai bincike Gatys ya fitar a 2015 tana gyara hoton sannu a hankali, zagaye ɗaruruwa, ta amfani da VGG-19, wata manhajar kwamfuta mai gane siffofin hoto. Kowane zane ka ba ta za ta karɓa, amma tana cin lokaci, kuma idan ka cika nauyin salo fuskokin 'yan kasuwa sai su narke cikin rumfuna. Na taɓa rasa mai tumatir ɗungurungum.

Ta mai bincike Johnson, 2016, horo ɗaya ake yi wa manhaja a kan salon, sannan hoto ya fito nan take. Sai dai salo ɗaya kacal ta sani, sabon salo sabon horo.

Mai hoto ɗaya da haƙuri ya ɗauki ta farko. Mai hotuna dubu, ta biyu.