Print all ko wasiƙa ɗaya-ɗaya?

Idan kana son adana doguwar musayar imel a Gmail, danna maɓallin Print all da ke saman wasiƙun ya fi sauri. A shafin bugawa da zai buɗe, ka zaɓi Save as PDF, wasiƙu su jeru daga ta farko, kowace da ranarta. Amma sunayen fayilolin da aka maƙala kawai zai nuna, su kansu ba sa shiga.

Ɗaya hanyar, ka fitar da kowace wasiƙa daban, ka haɗa su da fayilolinsu. Akwai wahala, amma ita nake bi a maganar kuɗi. Na taɓa neman rasit a PDF ɗin cinikin buhunan siminti, sai sunansa kawai na tarar, ga akwatin imel ɗin an riga an rufe.