Man ya yi aiki, amma abin cuɗa leɓen nan ya cuce ni

Saiti ne mai abu uku: man shafawa na gwiwa, sabulun cuɗa jiki mai ɓarɓashi, da ɗan ƙaramin gwangwani na cuɗa leɓe. Na saye shi ne don gwiwar hannuna, wadda ta yi baƙi da kaushi har nake jin kunyar naɗe hannun riga. Kafin in biya sai da na karanta bayan robar, domin ba bilicin nake nema ba. Babu haidurokwinon a jerin, babu sitiroyid. Abin da ke cikin man shi ne yuriya kashi 10 cikin ɗari da laktik asid kashi 5. Hankalina ya kwanta.

Man dai ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Ina shafa shi da dare bayan wanka, fata na da ɗan danshi. Sati biyun farko launi bai motsa ba, laushi kawai na samu. A sati na shida na gwada da hoton da na ɗauka ranar farko, sai na ga gwiwar ta kusa komawa launin damtsena. Yuriya da asid ɗin suna sassauta matacciyar fatar da ta taru ta yi kauri ne, ta zube a hankali, kuma fata na ɗaukar wajen wata guda kafin ta sabunta, shi ya sa gaggawa ba ta da amfani. Gwiwar ƙafa ta fi taurin kai. Rannan na manta na shafa bayan na aske ƙafa, na sha raɗaɗi, wannan laifina ne.

To amma abin leɓen nan! An rubuta a jikinsa a cuɗa kullum da dare, ni kuma na bi. Sukari ne manya-manya cikin mai, ga mentol mai sanyi da nake ɗauka alamar yana aiki ce. Kwana huɗu leɓena suka fara saɓa. Na ce ai baƙin ne ke fita, na ƙara ƙaimi. A kwana na tara leɓen ƙasa ya tsage a tsakiya, ko murmushi na yi sai jini, kuma saboda bushewar na koma lasar su ba dare ba rana. Da suka warke sai ga wani baƙin layi ya kewaye bakina, wanda da babu shi, kamar an zana da gazal. Wallahi ranar da na gani a madubi sai da na zauna.

Da na je wurin likitar fata, kallo ɗaya ta yi ta tambaye ni da me nake gogawa. Ta ce fatar leɓe siririya ce ƙwarai, kuma a jikin masu duhun fata duk inda aka yi wa rauni ko aka dame shi da guga, yakan ƙara fitar da melanin, sinadarin da ke ba fata launi, ya yi duhu bayan ya warke. Wato da hannuna na jawo abin da nake gudu. Ta ce in daina cuɗawa gaba ɗaya, in bar duk man leɓe mai mentol ko kafur ko turare, in riƙa sa basilin zalla da dare, da rana kuma mai kariyar rana SPF 30, sannan in kama harshena daga lasa. Har bayan wuyana da hammatata ta duba, ta ce baƙi mai kauri da laushi a waɗannan wuraren yakan zama alamar jiki na samun matsala da insulin, shi gwajin sukari yake so, ba soso ba. Nawa lafiya lau.

Bayan wannan bayanin na kalli sabulun mai ɓarɓashi da wani ido. Da ma yana karce ni, ina daurewa. Na ajiye shi, na koma tsumma mai laushi sau ɗaya a sati, na kuma daina dogara gwiwar hannu a kan tebur lokacin aiki, wanda ashe shi ne asalin matsalar tawa.

Da na fara rubutun nan na yi niyyar ba kamfanin tauraro huɗu saboda man. Amma yanzu da na sake tunawa, a'a. Wata uku ke nan layin bai gama gushewa ba, ya dai dusashe. Wanda ya san haɗa mai irin wannan ya san ba a cuɗa leɓe kullum, amma ya rubuta. Na tura musu hoto, amsar da na samu wai "alamar tsohuwar fata na fita ce, ki ci gaba." In ci gaba! Tauraro biyu, kuma duka biyun na man ne. In za su sayar da shi shi kaɗai zan sake saya. Gwangwanin kuwa yana kwandon shara tun ranar da na dawo daga asibiti.