Kuba ta cikin katako da kuba ta kan ƙyaure: abin da hoton ƙofarka ya nuna

"Salamu alaikum. Na kama hayar ɗaki a wani tsohon gida a Ebute Metta, makullin ƙofar ya ɓata tun kafin in shiga. Na sayo sabuwar kuba, kafinta ya ce ramukan ba su dace ba. Ga hoton ƙofar daga waje. Wace irin kuba ce wannan, motis ce ko rim?"

Wa alaikumus salam, Malam. Na buɗe hoton na ƙara girmansa, kuma ga abin da idona ya kama: ƙyaure mai fanel huɗu, mariƙi dunƙulalle kamar lemun tsami, ramin makulli a gefensa wajen bakin ƙofa da ɗan murfi mai lilo, sai wani zagayen tagulla can sama da fenti ya kusa cinyewa. Da wannan hoto kaɗai ba wanda zai rantse maka, domin kubobin nan biyu suna iya yin kama ɗaya sak daga waje. Amma akwai alamun da za su kai mu kusa.

Kubar motis a cikin naman katako take zaune. Kafinta yana fafe rami a bakin ƙyaure, ya tura akwatin kubar ciki, ba abin da ya rage a fili sai wani siririn faranti na ƙarfe ko tagulla a kaifin ƙofar, inda harshe yake leƙowa. Ta rim kuwa ba a fafe mata komai. Akwati ne, galibi kamar inci 6 a inci 4, da ake ɗaurewa da sukuru a bayan ƙyaure ta cikin ɗaki, harshenta ya shiga wani ɗan akwati da ke manne a jikin firam. Wanda ke cikin ɗaki ba zai taɓa rikita su ba. Wanda ke waje kuwa mariƙi da ramin makulli kawai yake gani a duka biyun.

Abu na farko da ake dubawa a hoto shi ne yadda mariƙi da ramin makulli suka tsaya da juna. A motis ɗin da muka saba gani, ramin makulli yana ƙarƙashin hannu, a miƙe sama da ƙasa. A ƙirar Ingila tsakaninsu milimita 57 ne, akwatin kuma zurfinsa inci biyu da rabi ko inci uku, wato milimita 64 ko 76, shi ya sa hannun yake kusa da bakin ƙofa. A rim kuwa a kwance suke gefe da gefe, makulli kusa da baki, mariƙi can ciki kamar inci 4 ko fiye. Taka a kwance take, to da sai in ce rim ce mu tashi. Abin da ya hana ni shi ne akwai tsohuwar motis mai kwanciya, doguwa, zurfin inci 5 ko 6, wadda aka yi ta musamman don mariƙi dunƙulalle, saboda kada mutum ya goge yatsunsa a firam in yana murɗawa. Ita ma makulli da mariƙi gefe da gefe suke, kuma ana cin karo da ita a gidajen zamanin Turawa irin na wajen Yaba, Ikoyi da kwatas ɗin reluwe na nan Ebute Metta.

Daga nan sai mu koma wajen hinji, domin shi ke faɗin inda ƙofa take buɗewa. Hinjin da aka fi sa wa ƙofar fanel fukafukansa biyu a ɓoye suke tsakanin ƙyaure da firam, ƙullin tsakiya kawai ake gani in an rufe, kuma ana ganinsa ne ta ɓangaren da ƙofar take buɗowa. Kubar rim ta gargajiya a wannan ɓangaren ake ɗaura ta. Saboda haka da na ga ƙullin hinji a hotonka na waje, ban kuma ga akwati ba, da na karkata ga motis. Ban ga ƙulli ko ɗaya ba. Ke nan ƙofarka ciki take buɗewa, kuma akwai wurin da akwatin rim zai ɓuya a bayanta.

Tunda mun zo kan hinji, bari in ɗan ratse. In ka ga doguwar wutsiyar ƙarfe kwance a fuskar ƙyaure, mai faɗi wajen firam tana tsukewa zuwa tsakiya, wannan hinjin ƙofar falanki ne, irin ta kicin da bayan gida, wadda aka jera alluna aka buga musu katako a gicciye. Irin wannan ƙofa ba ta da kaurin ɗaukar motis, don haka kana ganin wutsiyar ka san rim ce ko kwaɗo. In ƙullin ya zarto waje sosai kamar kunne, an yi shi ne don ƙyaure ya buɗe gaba ɗaya ya kwanta a bango, ana yawan ganinsa a tagogin katako da ƙofofin baranda na tsofaffin benayen Isale Eko. In kuma tsagar da ke tsakiyar ƙullin a karkace take maimakon a miƙe, wannan hinji ne mai ɗaga ƙofa in an buɗe, ya mayar da ita da nauyinta. Shi yana da na dama da na hagu, in ka sayo wanda ba nasa ba ka yi asarar kuɗin mota.

Kauri shi ne alƙali na gaba. Akwatin motis kaurinsa wajen milimita 15 ne. A ƙyaure mai milimita 44, wanda shi ne ma'aunin ƙofar waje, katako kamar milimita 14 zai rage a kowane gefe, ya isa ya riƙe. A ƙyaure mai milimita 32 abin da zai rage bai kai 9 ba. Ina yaro a wurin maigidana a Agege na taɓa fafe wa irin wannan siririyar ƙofa ramin motis, na kusa gamawa bakin kurfi ya ɓullo ta fuskar katakon, tsaga ta bi tsawon tafin hannu. Ƙyauren loko ne tsoho, ya bushe ƙayau. Ban manta kallon da mai ɗakin ya yi mini ba. Tun ranar ba na taɓa tsohuwar ƙofa sai na auna bakinta.

Akwai gwajin da za ka yi ko ƙofar tana rufe. Ture murfin ramin makullin gefe, ka haska fitilar waya ciki. In ka ga katako ya yi ɗan tsawo kaɗan, kamar faɗin farce, sai ƙarfe ya fara, motis ce. In kuwa ramin katako ne zalla mai zurfi har sai can ƙarshe ƙarfe ya bayyana, rim ce, domin makullinta sai ya ratsa kaurin ƙofa duka kafin ya iske kuba. Dalilin da ya sa makullan rim suke da dogon wuya ke nan.

Idan ka tambaye ni a yanzu, na fi karkata ga rim. Murfin ramin makullin naka shi kaɗai yake, mariƙin ma da ɗan farantinsa daban, ƙofar ciki take buɗewa, kuma ɗakin haya ne ba ƙofar falon babban gida ba, inda aka fi kashe kuɗin motis mai kwanciya.

Zagayen tagullar da ke sama wani abu ne daban. Fuskar kubar nan ce da kowa ke kira Yale ko da ba kamfanin ne ya yi ta ba, mai siririn makulli, wadda Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a 1861 da 1865. Ita ma dangin rim ce, akwatinta yana ciki, harshenta mai gangare ne, yana kulle kansa in an turo ƙofa. Wani ɗan haya ne ya ƙara ta daga baya. Ramin da take ciki milimita 32 ne, tsakiyarsa kuma 60 ko 40 daga bakin ƙyaure, har gobe a kan wannan ma'auni ake yin sababbi. Wannan ce hanya mafi sauƙi gare ka: a sauya silindar kaɗai, wato ɓangaren da makulli ke shiga, sukuru biyu ne ke riƙe da ita ta baya, yau ɗin nan ka kwana da makulli a aljihu.

Wadda ka sayo kuwa, ina zaton irin ta kasuwa ce mai dogon faranti da silinda a ƙarƙashin hannu, wadda tsakanin hannu da makulli yakan kai milimita 85 a tsaye. Ba ta da alaƙa da ramukan da ke kwance. Kafintanka ya yi gaskiya, kuma ya kyauta da bai ɗauki kurfi ya tilasta mata ba.

Wajen gyara ma ba ɗaya suke ba. Rim ba ta da wahala: a kwance ɗan sukurun da ke wuyan mariƙi, a zare sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu da ta ratsa ƙofar, a kwance sukuru uku ko huɗu na akwatin, shi ke nan ta faɗo hannunka. Ka kai ta ga tsohon mai yankan makulli, ya buɗe bayanta ya yanka sabo daidai da cikinta. Motis kuwa bayan an cire mariƙi da sandar, sai an kankare fentin farantin baki, a kwance sukuru biyu, a lallaɓo ta waje a hankali. Iskar gishirin Legas takan sa akwatin ƙarfe ya yi tsatsa ya kumbura a cikin ramin, in aka yi gaggawar ɓanɓara sai bakin ƙofa ya tafi tare da ita. Amfanin kankare farantin shi ne a nan ake buga sunan maƙera, irin su Union na garin Willenhall ko Chubb, da lambar da ke nuna liba nawa ke ciki, 2, 3 ko 5, wato siraran ƙarafan da makulli ke ɗagawa kafin harshe ya motsa. Mai liba biyu ko uku ta ɗakin ciki ce, mai biyar ita ce ta ƙofar waje. Yawancin tsofaffin rim na ɗakunan haya ba su kai nan ba, kuma ɗan akwatin firam sukuru ne kawai ke riƙe da shi, ƙafa ɗaya mai ƙarfi takan cire shi. Kada ka dogara da ita ita kaɗai in kana barin kaya a ɗaki.

In ka samu shiga, duba sakata. Mai zagayen sanda da ke gudu cikin bututu a fuskar ƙyaure kowa ya san ta, sauya ta aikin minti goma ne. Wadda ke ɓata wa mutane lissafi ita ce ta ƙofa mai ƙyaure biyu, da ake binnewa a kaifin ƙyaure ɗaya sama da ƙasa, ba a ganinta sai an buɗe ɗayan. Sau da yawa a ce kuba ta ƙi, ashe ita ce fenti ya liƙe.

Turo mini hotuna uku: bayan ƙofar daga cikin ɗaki, kaifinta a buɗe daidai wurin kubar, da hinji ɗaya daga kusa. Ka tsaya ɗoɗar da ƙofar, kada ka ɗauka a karkace, kuma ka ɗora tef ɗin awo a jiki. In babu tef, katin cirar kuɗi ya wadatar, tsawonsa milimita 85.6 ne, faɗinsa 54, sai dai ka rufe lambobin da yatsa kafin ka danna.