Kyamarar jika goma sha biyu da ta kusa kunyata ni

Na sayo ta a Kasuwar Dole makonni uku da suka wuce, saboda ta jikin kwamfutata ta daɗe da mutuwa. Irin mai maƙalewa a saman allo ce, mai wayar USB, da ɗan murfi da ake turawa ya rufe idon. Jika goma sha biyu na biya. Mai shagon ya ce, "Malama, wannan soka ta kawai za ki yi, ba ta son komai." A shagon kuwa ya soka, na ga fuskata tas.

Ranar da nake da ganawar neman aiki da mutanen Yamai, ƙarfe goma saura kwata na buɗe Zoom. Allo baƙi ƙirin. Ƴar fitilar da ke gefen idon tana ci, sunan kyamarar ma yana cikin jerin da ake zaɓa, amma babu ni babu alamata. Na cire na mayar har sau uku, ina ta tsine wa mai shago a zuci. Ƙanena ne ya leƙo ya ce, "Yaya, kin buɗe mata ido kuwa?" Ashe ni da hannuna na rufe murfin da daddare saboda ƙurar hunturu. Murfin baƙi ne, jikin kyamarar ma baƙi, ko ɗigon ja ba su sa ba da zai nuna a rufe take. Na yarda laifina ne, amma rabi.

Na ture murfin, hoto ya fito, na ce alhamdu lillahi. Muna cikin gaisawa na ɗan gyara zaman allon, sai na ji ƙarar nan da kwamfuta ke yi in an zare mata abu, hotona ya ɓace. Wannan karon fitilar ma ta mutu, sunan kyamarar ya fita daga jerin. Haka na ƙarasa ganawar da salula jingine da kofin shayi, suna kallon ƙasan haɓata.

Da yamma muka zauna da ƙanen nawa, wanda ke ɗan taɓa gyara. Ya buɗe Caméra ta Windows, ta rubuto `0xA00F4244`, wato ba ta ga kyamara ko ɗaya a haɗe ba. Sai ya buɗe Gestionnaire de périphériques, inda Windows ke jera na'urorin da ke haɗe da kwamfuta, ya bar shi a buɗe, ya kama wayar yana lanƙwasawa a hankali. A bakin USB babu abin da ya faru, ya canza rami ma duk ɗaya. Amma da ya taɓa daidai inda wayar ke shiga bayan kyamarar, sai jerin ya yi ƙyaf, sunanta ya fito, ya sake ta ya ɓace. Wayar ta saki daga ciki ke nan, kuma ba irin wadda ake cirewa a sa wata ba ce. Shi ya sa a shago ta yi lafiya, tunda a kan tebur take kwance ba mai motsa ta.

Na ɗauka ko izini ne aka hana ta, don wata abokiyar aikina ta taɓa shan wannan wahala. Ya ce in da izini ne, sunanta ba zai motsa daga Gestionnaire ba, manhajar ce kawai za a hana hoto. Duk da haka ya nuna mini wurin: Paramètres, sai Confidentialité, sai Caméra. A can ƙasa akwai maɓalli daban na "applications de bureau", shi ne ke shafar Zoom ɗin da aka sauke aka girka, kuma mutane na kunna na sama su mance da shi. Nawa duk a kunne suke.

Na mayar da ita shago. Ya ce, "Malama, ai kin ja ta ne." Ban ja ta ba. Bayan doguwar magana ya canza mini wata irinta, amma sai da na ƙara jika ɗaya, wai kuɗin kwalin da na yaga.

In don hoto ne, ba ni da ƙorafi. Da rana a bakin taga tana fito da mutum fes, sabuwar kuma kwana goma ke nan ba ta yanke ba. Har na fara cewa zan iya tura wani ya saya. Sai jiya na duba bayanta, na ga wayar siririya ce kamar ta farkon, babu ko ɗan roban da ke tare lanƙwasa a gindinta. Yanzu na naɗe wurin da salatif, na ɗaure wayar a bayan allo don kada nauyinta ya riƙa janta, murfin kuma na ɗiga masa jan farce. Jika goma sha uku, kuma ni ce ke ƙarasa musu ƙirar. Mutanen Yamai har yau ba su kira ba.