Gargaɗi kan masu sayar da tsohuwar monita da sunan IPS a Zariya

Jama'a, ina jan hankalinku game da wasu masu tallar monita ta hannu, wato allon kwamfuta, a WhatsApp, waɗanda ba su da shago, sai dai su ce a tura rabin kuɗi, a haɗu a Kwangila ko bakin kasuwar Sabon Gari a karɓi kaya a kwali. Suna zaɓar bakin titi ne domin babu inda mai saye zai jona ta ya gwada.

Wata 'yar'uwarmu da ke aikin buga takardun ɗalibai a gidanta a Samaru ta faɗa hannunsu. An tallata mata monita mai inci 24, mai nau'in gilashin IPS, Full HD, har da sitika a goshinta. Da aka jona ta, sai muka sa tef muka auna gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa, muka samu kusan santimita 56, wato inci 22, alhali inci 24 na kaiwa santimita 61. Da bakin robar da ke kewaye da gilashin suke haɗawa su cika awon.

Babbar yaudarar tana ga nau'in gilashin. Na IPS yana riƙe launinsa ko ta gefe aka kalle shi, amma na TN, wanda ya fi araha, yana sauya kama da zarar mutum ya gusa. Ku buɗe hoton fuskar mutum, ku durƙusa ku kalli allon daga ƙasa. Idan fuskar ta yi duhu, launuka suka juye, to TN ne, ko me sitika ta ce. Monitar 'yar'uwar tamu haka ta yi. Ga wanda zai wuni yana karanta ƙananan haruffa, wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin saman shafi da ƙasansa ba za su yi haske ɗaya ba.

Daga nan sai a shiga Settings, System, Display a Windows, a duba Display resolution. Adadin da ke ɗauke da Recommended shi ne yawanci ainihin na allon. Full HD na nufin 1920 × 1080, amma tata 1680 × 1050 ta nuna. Lambar samfurin da ke bayan monitar ma, da aka bincika ta a shafin kamfaninta, ta tabbatar da haka.

Kada a manta da lafiyar ido. A rage hasken allon sosai, a buɗe farin shafi, a kaɗa biro da sauri a gabansa. Idan aka ga biron ya rarrabu gida-gida, fitilar allon tana ƙyaftawa ne, kuma hakan kan jawo wa wasu gajiyar ido da ciwon kai.

Duk wanda ya hana ku yin waɗannan gwaje-gwaje kafin biya, ko ya fake da cewa babu wuta, ku riƙe kuɗinku. Ku tafi da laftof da wayar HDMI ko VGA zuwa shagon da ke da janareta, a kunna monitar a gabanku, kuma a rubuta lambar samfurin a rasit.